Yadda ake yanke kuɗin makaranta a cibiyar koyon sana'a ba tare da an cinye jari ba

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke neman kuɗi a Mile 12, Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal suna tura kuɗi gida a buɗe musu cibiyar koyon kwamfuta ko ɗinki, su damƙa wa ƙane ko ɗan yaya ya riƙe. Shekarar farko komai lafiya lau. A ta biyu sai waya ta fara shigowa: janareta ya mutu, mai gida yana neman haya, a turo wani abu. Mai jari ya fara zargin ana cin kuɗinsa, zumunci ya yi tsami. Alhali sau da yawa ba wanda ya ci ko sisi. Tun ranar da aka yanke kuɗin da ɗalibi zai biya aka shuka asarar, domin maƙwabci aka leƙa aka kwaikwayi farashinsa, ba a zauna an yi lissafi ba.

Bari mu yi lissafin da misali. Mu ɗauka an kama shago a unguwar Dogo Nini da ke Potiskum, an zuba kwamfuta 10, ana koyarwa safe da yamma. Gurbin ɗalibi 20 ke nan a kowane zango na wata uku. Alƙaluman da za mu sa na misali ne, kowa ya cire ya sa nasa.

Abu na farko, kada ka ce shekara zango huɗu ce don wata 12 ne. Tsakanin azumi, salloli biyu da lokacin da yara ke tafiya gona da damina, zango uku za ka samu cikakku. Amma haya da albashi ba su san hutu ba. Saboda haka duk abin da ake biya na shekara, gida uku za a raba shi.

Haya naira 240,000 a shekara, kowane zango ya ɗauki 80,000. Malami 50,000 a wata, mai gadi 20,000, a shekara 840,000, zango ya ɗauki 280,000. Ko ƙanenka ne malamin, ka rubuta masa albashi, don ranar da ya samu wani aiki sai ka biya wanda zai maye gurbinsa. Sai fetur, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama babban abin da ke cin kuɗi a irin wannan harka. Wutar YEDC ba abin dogaro ba ce, don haka mu ce lita uku a rana, kwana 60 na karatu, lita a naira 1,000: 180,000. Data da ƙananan gyare-gyare, 60,000.

Saura wanda kusan kowa ke mantawa, wato tsufan kaya. In kwamfutoci, janareta, firinta da tebura sun ci naira 2,400,000, kuma shekara huɗu za su yi kafin su buƙaci canji, to duk shekara kayan 600,000 ne ke narkewa, duk zango 200,000. Ba wanda zai zo ƙofa ya nemi wannan kuɗi, shi ya sa ake ɗaukarsa riba a kashe. In ka haɗa duka biyar ɗin, zango ɗaya yana cin naira 800,000, ko ajin ya cika ko mutum uku ne a ciki.

Akwai kuma kuɗin da ke bin kan ɗalibi: takardun darasi, tawadar firinta da takardar shaidar kammalawa. Mu sa 5,000 kowane mutum.

Yanzu wa za a raba wa wannan nauyi? A nan ake yin kuskure na biyu, a raba da yawan kujeru. In ka raba 800,000 gida 20 ka ƙara 5,000, za ka ga 45,000, ka yi murna. Amma kujera ba ta biyan kuɗi. A ce mutum 18 suka zo, biyu kuma na alfarma ne, maraya ɗaya da ɗan gwaggo ɗaya, waɗanda ba ka iya cewa su biya. Masu biya 16 ne. Kashewa ta zama 800,000 da 90,000 na takardun mutum 18, jimla 890,000. Raba wa mutum 16, kowanne ya tashi a kusan naira 56,000. Wannan shi ne ainihin abin da ɗalibi ɗaya ke ci maka, tun ba a zo maganar riba ba.

To duba abin da ke faruwa in aka bi maƙwabci aka yanke 40,000. Mutum 16 za su kawo 640,000. Albashi, fetur, data da takardu za su ci 610,000, mai riƙe da wurin ya ga saura 30,000 ya ce alhamdu lillahi, ana samu. Gaskiyar magana an yi asarar 250,000, sai dai ta ɓuya a cikin hayar da aka riga aka biya da kayan da ke tsufa. Alamar da za ka gane haka daga nan Kudu mai sauƙi ce: in ɗalibai na zuwa amma duk lokacin haya ko sayen batir daga aljihunka ake nema, to farashin ne ya yi ƙasa.

In aka yanke 65,000, mutum 16 za su kawo 1,040,000, a samu rarar 150,000 a zango. Ka kuma san iyakarka: kowane mai biya yana barin 60,000 bayan an cire kuɗin takardunsa, don haka sai an samu masu biya 14 kafin a mayar da abin da aka kashe. In rajista ta tsaya a 11, gara a ɗaga ranar farawa da a fara da asara.

Wani zai ce, Alhaji, 65,000 ta yi wa mutanen gari yawa. Yana iya yiwuwa. Amma maganin ba a zaftare farashi da ka ba ne, a nemi yadda nauyin zai rabu a kan mutane da yawa. A ce an buɗe aji na uku bayan la'asar don 'yan makaranta da masu shirin jarrabawar JAMB, tunda da kwamfuta ake rubuta ta. Haya da kuɗin gadi ba su ƙaru ba. Fetur zai ƙaru da 90,000, a ƙara wa malami 60,000, takardun mutum takwas 40,000. Jimla ta koma 1,080,000, masu biya 24, kowanne ya sauko 45,000. Yanzu ana iya yanke 52,000 kuma a ci riba. Wanda ya sa sola ya huta da fetur, amma ya tuna kuɗin batir da faranti sun shiga layin tsufan kaya.

Sai yadda ake karɓa. In za a yarda a biya kashi-kashi, a karɓi fiye da rabi kafin a zauna aji, a kammala sauran kafin wata na biyu ya ƙare. Wanda ya biya kaɗan ya gudu a tsakiya ya tare kujerar da ba za a iya sayar wa wani ba, kuma in irinsu sun yi yawa, dole a rage su daga adadin masu biya a lissafin zango na gaba.

Wanda cibiyarsa ke Agege ko Sabo, hanyar ɗaya ce, sai dai ya ƙara kuɗin dillali da na yarjejeniyar haya a kan hayar, ya raba su a kan shekarun da ya biya. Kuma kowane zango a sake lissafin kafin a buga takardar talla. Kuɗin tsufan kaya kuwa a ware masa asusu daban a banki, wanda kai da ke nesa za ka riƙa ganin shigarsa a wayarka.