Lambar da ke bayyana yadda ruwa ke gudu cikin bututun ban-ruwa

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure a jihar Kano. Yana isowa ne ta manyan magudanu, amma manoma da dama da injin ban-ruwa da bututu suke kai shi gona.

A cikin bututun, ruwa kan yi gudu iri biyu. Wani lokaci yakan tafi a natse, kowane sashe na bin layinsa. Wani lokacin kuma yakan hautsine yana jujjuyawa, ko da yake daga waje ba a ganin komai.

Wani malamin injiniya a Manchester, Osborne Reynolds, shi ne ya nuna bambancin a 1883, inda ya zura ruwan rini a tsakiyar ruwan da ke bin bututun gilashi. Da gudun ke tafiya a hankali, rinin ya miƙe kamar zare. Da aka ƙara sauri, sai zaren ya watse.

Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja. Akwai ƙarfin da ruwa mai gudu ke ɗauke da shi, wanda ke rura duk wata 'yar tangarɗa, akwai kuma kaurin ruwan, wanda ke kwantar da ita. Lambar Reynolds tana faɗin sau nawa na farko ya rinjayi na biyu:

Re = V × D / ν

A nan V saurin ruwa ne, mita nawa a daƙiƙa, D faɗin bututun daga ciki a ma'aunin mita, ν kuma kaurin ruwan bayan an raba shi da nauyinsa. Ma'aunan suna soke juna, don haka amsar lamba ce zalla. Ga ruwa mai ɗumin digiri 20, lissafin na da sauƙi: a ninka sauri da faɗi, sannan a ninka da miliyan ɗaya.

Ƙasa da kimanin 2,300 gudun natsattse ne, sama da 4,000 kuma hautsinanne. Tsakaninsu ba shi da tabbas.

Misali daga gona

A ɗauki injin da ke cika duro mai lita 200 cikin daƙiƙa 40, wato lita 5 a daƙiƙa, ta bututu mai inci biyu, kimanin santimita 5. Idan aka raba yawan ruwan da girman bakin bututun, saurin zai kai mita 2.5 a daƙiƙa. Ninka shi da 0.05 da kuma miliyan ɗaya zai ba da kusan 125,000.

Wannan ya zarce iyakar nesa ba kusa ba, kuma haka lamarin yake a kusan kowane bututun inji. Kuskuren da aka fi yi shi ne sanya faɗin a santimita a maimakon mita, abin da ke kumbura amsar sau ɗari.

A aljihu manomi ke jin bambancin. A natsattsen gudu, ninka sauri sau biyu na ninka asarar ƙarfin turi sau biyu ne kawai. A hautsinanne kuwa asarar kan ƙaru fiye da sau uku, har kusan huɗu, kuma fetur ne ke biyan ta.

Idan aka koma bututu mai inci uku da ruwa daidai wancan, lambar za ta sauko zuwa wajen 85,000. Gudun bai natsu ba, amma asarar ta ragu kusan sau bakwai.

Inda ruwan ke natsuwa

A siririyar robar ban-ruwa ta ɗigo ne ake iya samun iri biyun a layi guda. A ce faɗinta daga ciki milimita 16 ne, tana da kafofi 200, kowace na ɗigar da lita 2 a awa. A bakin layin lita 400 ke wucewa a awa, saurin ya ɗan haura rabin mita a daƙiƙa, lambar kuma kusan 8,800.

Sai dai kowace kafa na rage ruwan da ya saura. A daidai inda kafofi 50 suka rage, lita 100 ne kawai ke wucewa, lambar ta faɗo zuwa 2,200. Ke nan a rubu'in ƙarshe ruwan a natse yake tafiya.

A can, da yake ba sauri kuma ba jujjuyawar da za ta riƙe laka, sai ta kwanta, kuma sau da yawa kafofin ƙarshe ne ke fara toshewa. Shi ya sa ake buɗe ƙarshen layin lokaci-lokaci domin ruwa ya wanke shi da ƙarfi.

Zafi ma na taɓa lissafin. A digiri 30 kaurin ruwa na raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari, don haka wurin da ke da 2,200 da sanyin safiya na iya haura 2,700 idan rana ta gasa baƙar robar.