Littafi Ɗaya, Hannu Biyu

Benci biyu aka haɗa, aka jera tsofaffin littattafai kamar goma sha biyar a kai, aka ce ga shago nan. A ajin wata firamare ne a Kano, da la'asar ɗin wata Asabar, inda wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo ke atisaye. Ni rakiyar ƙanena ce ta kai ni. Daraktan ya kira mutum biyu, namiji da mace, bai kuwa ba su ko fallen takarda ba. Ya ce musu: "Ba ku san juna ba. Kun haɗu a shagon littattafai a kasuwar Sabon Gari, mai shago ya tafi masallaci ya bar wa maƙwabcinsa tsaro. Ina so kafin minti 8 ya cika ku saba."

Ko minti biyu ba a yi ba wasan ya mutu. Saurayin ya shigo da fara'arsa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya tambayi nata, ya yabi gyalenta. Ita ma ta biye masa. Sai ga shi har ya zaro waya yana neman lamba. Daga nan suka tsaya suna kallon-kallo, domin babu sauran abin yi. Daraktan ya tafa hannu ya ce su sake. Abin da ya faɗa musu kawai shi ne, sun cinye tuwon tun miya ba ta nuna ba.

Wannan nau'in wasa, inda ake ba mutum matsayi da wuri a bar shi ya ƙirƙiro maganarsa nan take, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da yawa daga wasannin rediyo da talabijin da suka yi tashe tun shekarun 1970, zamanin su Usman Baba Pategi mai Samanja da Kasimu Yero, ba kalma-kalma ake haddace su ba. Akan zauna a tsara ƙashin bayan labari, kowa ya san inda za a dosa, sauran kuma bakin ɗan wasa ne. A Turai da Amurka ma an rubuta littattafai a kan wannan dabara. Viola Spolin ta fitar da nata a 1963, inda ta dage cewa ɗan wasa ya fara sanin shi wane ne, a ina yake, me ya kawo shi. Keith Johnstone, a nasa na 1979, ya ja hankali kan cewa duk abin da abokin wasanka ya miƙo maka, ka karɓa ka ɗora a kai, kada ka ture. Daraktan namu bai ambaci kowa a cikinsu ba, amma gyaran da ya yi a kan wannan turbar yake.

Ya ja kowannensu gefe ya raɗa masa magana, ɗayan bai ji ba. Daga baya muka san abin da ya ce. Ita ma'aikaciyar jinya ce da ta tashi daga aikin dare ba ta runtsa ba. Mahaifinta ido ya yi rauni, ya roƙe ta ta nemo masa Magana Jari Ce na ɗaya ta riƙa karanta masa, kuma shago uku ta shiga babu. Shi kuwa malamin Hausa ne a sakandare, wani ɗalibi ya ari nasa bai dawo da shi ba, ga darasi ranar Litinin. Sannan daraktan ya ɗauki littafi guda ya ajiye a tsakiyar benci ya ce shi kaɗai ya rage a shagon.

Da aka sake, ita ta fara shiga. Ta tarar da littafin, ta ɗauka, ta duba bayansa, ta ajiye don ta buɗe jakarta ta ƙirga kuɗi. Shi ya shigo ya yi sallama ga shago, ba gare ta ba, ta amsa ciki-ciki ba ta ɗago ba. Ya bi benci da ido, ya kai hannu ya ɗauki littafin.

"Bawan Allah, na riga ka."

"A ajiye na gan shi, baiwar Allah."

"Ajiyewa na yi in ciro kuɗi."

"To, bari mai shago ya zo, ai shi ke da kaya."

Ya mayar da littafin kan benci, daidai tsakiyarsu, kowa ya ja da baya. Kusan rabin minti babu wanda ya ce uffan. Shi ya ɗauki wani littafi yana buɗawa, kowa na gani ba karantawa yake ba. Ita ta duba agogo, ta yi hamma ta rufe da gefen gyale. Mu da ke zaune a kan tebura muka yi tsit, har ƙanena ya daina taɓa wayarsa.

A nan na gane amfanin shagon littattafai ga irin wannan wasa. A ƙasarmu namiji da macen da ba su san juna ba ba su da dalilin tsayawa su yi doguwar hira a bainar jama'a, kuma ɗan kallo ya san haka. In suka yi, sai ya ji ƙarya a ciki. Shagon yana ba su uzuri. Akwai jira, tunda mai shago ba ya nan. Akwai inda za a kai ido in kunya ta zo, wato jerin littattafai. Sannan abin da mutum ya ɗauka yana tona asirinsa tun bai buɗe baki ba: wanda ya nufi wajen littattafan addini, da wadda ta tsaya kan na Balaraba Ramat Yakubu ko Bilkisu Funtuwa, da mai neman tambayoyin jarrabawar bara, kowa ya riga ya faɗi wani abu game da kansa. Da a tashar mota aka sa su, hayaniya da sauri za su kore wannan duka.

Shi ne ya fara motsawa, kuma ba kai tsaye ba. Ya ce, kamar da littafin hannunsa yake magana, yaran yanzu ko sunan akun nan ba su sani ba. Wannan shi ne miƙo hannu. Da ta yi banza da shi, ko ta ce ita ba ruwanta da wani aku, da wasan ya sake tsayawa cik. Sai ta karɓa, amma da ƙaya a jiki. Ta ce ai ba yaro za ta saya wa ba, wanda za ta saya wa ya san akun tun ba a haife shi ba, shi mai maganar.

Ya ɗago ya dube ta karo na farko. "Wa ke nan, Malama?"

Ku lura da wannan kalma. Daga "baiwar Allah" an koma "Malama". Ba wani babban abu ba ne a kunne, amma a Hausa nan ne ma'aunin kusanci yake. "Baiwar Allah" kira ne na wadda ba ka sani ba, kuma a bakin mai jayayya yana iya ɗaukar zafi. "Malama" girmamawa ce. Ta ɗan yi jim, kamar mai shawarar ko ya cancanci amsa, sannan ta ce, "Babana. Idonsa ne." Kalma uku kacal. Ba ta ce komai a kan asibiti ko aikin dare ba. Ya ce, "Allah ya ba Baba lafiya." Ya kira mahaifin wata "Baba", ita kuma ta ce amin ba ta gyara masa ba.

A ganina wannan ne wurin da ya fi wuya a duk fitowar, domin a nan ne sabon ɗan wasa ke zamewa. Da zarar ya ji labarin uba marar lafiya, sai ya ga dama ta zo ta nuna kirki, ya miƙa littafin ya ce ki ɗauka. In ya yi haka, an gama a minti na huɗu, kuma ɗan kallo ba zai ji nauyin kyautar ba, tunda bai ga abin da mai bayarwar ya rasa ba. Wannan saurayin bai saki ba. Ya ce shi ma ɗalibai 60 ke jiransa ranar Litinin, kuma nasa kwafin wani ja'irin yaro ne ya yi awon gaba da shi. Ta ce, "Malami ne kai ashe. Shi ya sa ba ka son a riga ka magana." Ya yi dariya, ita ta danne tata. Zolayar farko ke nan, a wajen minti na biyar. Da a minti na farko ta faɗi wannan jimlar, rashin kunya za ta zama.

Daga nan littafin ya zama gada. Ya tambaye ta ko ta san dalilin da ya sa akun yake ta zuba labari. Ta ce ta manta, tun tana firamare rabonta da shi. Ya ce dabara ce don ya tsare ɗan sarki Musa kada ya fita, dare bayan dare. Ta yi shiru kaɗan, ta ce ita ma kusan abin da take so ke nan, Baba ya zauna a gida ya daina fita shi kaɗai yana tuntuɓe a hanya. Babu wanda ya rubuta mata wannan. Ta ji abin da ya faɗa, ta haɗa shi da sirrin da aka raɗa mata. Ana gane ɗan wasan da ke sauraro da irin wannan. Wanda ba ya sauraro kuwa za ka ga leɓensa na motsi tun abokinsa bai rufe baki ba, amsarsa kuma ba ta ɗauki ko kalma ɗaya daga abin da aka gaya masa ba.

Na kuma lura da ƙafafunsu. Da farko tsawon benci guda ne a tsakaninsu, kowa ya ba ɗan'uwansa kafaɗa. Zuwa yanzu ya rage kamar taku biyu, kuma suna fuskantar juna. Ba su wuce haka ba, ba su taɓa juna ba, babu kuma buƙata.

Wani yaro daga cikin ƙungiyar ya yi gyaran murya daga baya, alamar mai shago ya dawo, saura minti ɗaya. Malamin ya ɗauki littafin, ya shafa bangonsa da tafin hannu, ya ajiye a gefenta na bencin. Ya ce shi ya kusa haddace na ɗaya, zai iya koyarwa da ka. Na biyu da na uku kuma suna gidansa, in Baba ya gama wannan.

"To ya za a yi in same su, Malam?"

"Zan kawo wa mai shagon nan ajiya. Ki ce ke ce 'yar mai aku."

Ta ɗauki littafin ta rungume a ƙirji, ta taka har bakin ƙofar ajin, sannan ta waiwayo. "Wa zan ce ya bayar?"

Daraktan ya tafa hannu kafin ya amsa. Saurayin ya juyo yana ƙorafi, wai sunan na bakinsa, a ƙara masa ko daƙiƙa goma. Daraktan ya ce a'a, a kwashe littattafai a mayar da benci, an kusa kiran magariba.