Ko Kun Sani?

Watanni 7 ne kawai a shekara suke da ranar 31. Saboda haka idan aka tsara manhajar cire kuɗin rijista ta jira wannan ranar, to a Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba shiru kake ji, ba za a ciri ko sisi ba. Mai ranar 30 kuwa Fabrairu kaɗai zai tsallake. Wannan layin na `cron` ranar 31 yake jira:

```
0 0 31 * *
```

Wanda aka caja ranar 31 ga Janairu, sai 31 ga Maris za a sake taɓa shi. Maganin shi ne a umarci manhajar ta koma ranar ƙarshen wata duk lokacin da ranar da aka zaɓa ba ta cikinsa. Ku duba rasitanku.