Bulon da ya faɗo bai sami kowa ba

A wurin gini, idan bulo ya kuɓuce daga bene ya tarwatse a ƙasa bai taɓa kowa ba, sai a ce "Allah ya kiyaye", lebura ya share ɓaraguzan, aiki ya ci gaba. Godiyar ta dace. Sai dai duk abin da ya jefo bulon yana nan a saman, kuma gobe ma mutane za su bi ta ƙarƙashinsa.

Mu ɗauka bulo ne mai inci tara, nauyinsa kilo 20 ko fiye, ya faɗo daga tsayin mita 6. Cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai zai iso ƙasa, da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Babu mai iya kauce masa, hular kwano ma ba lallai ta ceci wuyan mutum ba. Don haka wajen auna girman lamarin, mai rahoto ya duba mafi munin abin da zai iya faruwa. A nan rai ne, ko da asarar da aka yi ba ta wuce bulo ɗaya ba.

Yawancin rahotanni layi ɗaya ne: "Bulo ya faɗo saboda sakacin lebura, an ja masa kunne." A ganina wannan ya fi rashin rahoton illa, domin ya rufe magana, ya kuma koya wa sauran ma'aikata su kama bakinsu. Ga yadda ya kamata ya fito: "Ranar Talata da ƙarfe 2:40 na rana, a gefen gabas na bene na biyu. An jera bulo hawa biyar a kan katakon da magina ke tsayawa. Katakon ba shi da allon tarewa a bakinsa. Mai ɗauke da kwanon siminti ya gogi jerin, domin hanyar da ta rage ba ta kai rabin mita ba. Bulo ɗaya ya faɗa kan hanyar da masu baro ke bi. Ba a killace wurin ba."

Babu sunan kowa a ciki, amma mai karatu ya ga abubuwa huɗu da za a iya gyarawa kafin magariba. A rubuta shi ranar da abin ya faru, a ɗauki hoto kafin a share, kuma abin da ido ya gani a ware shi daga abin da ake zato.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: me ya hana a ji rauni? Idan igiyar killacewa ce ta hana mutane shiga, to tsarin ya yi aikinsa. Idan kuwa mai baro ya tsaya shan ruwa ne na rabin minti, to babu wata kariya a wurin, kuma dole rahoton ya faɗi haka ƙarara. Daga nan sai a bi "me ya sa" baya. Me ya sa aka tara bulo da yawa a sama? Wataƙila injin ɗaga kaya haya aka yi na safiya kawai, aka loda na yini guda gaba ɗaya. Wannan shawarar ofis ce, jan kunnen lebura ba zai taɓa ta ba.

Sannan rahoto sai ya isa ga masu buƙatarsa. Ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin TWA mai lamba 514 ya daki dutsen Mount Weather a jihar Virginia ta Amurka yana shirin sauka a filin Dulles, mutum 92 suka rasu. Matuƙan sun ɗauka izinin da aka ba su yana nufin su sauko zuwa ƙafa 1,800 nan take. Makonni shida kafin haka, matuƙan United sun yi irin wannan fahimtar a wurin, suka tsallake rijiya da baya, suka kuma kai rahoto. Gargaɗin ya zagaya cikin kamfaninsu, bai kai ga matuƙan TWA ba. Bayan wannan ne aka kafa tsarin ASRS a 1976, wanda NASA ke gudanarwa: tana cire sunan mai rahoto, ta yaɗa darasin ga kowa.

A wurin gini, wannan na nufin foman ya karanta rahoton ga kowa da safe kafin a hau, har da 'yan kwangilar wuta da na famfo, a kuma aika wa sauran wuraren aikin kamfanin. Kowane gyara a rubuta wanda zai yi shi da ranar gamawa: kafinta ya buga allon tarewa yau, a ɗaure igiya a ƙasa, bulo kada ya wuce hawa biyu. Bayan mako guda wani ya hau ya duba ko allon yana nan. Idan wata ya wuce babu rahoto ko ɗaya daga wurin da mutum hamsin ke aiki, injiniya ya tambayi leburori, ba a gaban foman ba, me ya sami wanda ya kawo na ƙarshe.