Lissafin da ke cikin takardar shaidar sayen takardun baitulmali

Da yawa daga cikin masu ba Gwamnatin Tarayya rance ta hanyar sayen takardun baitulmali, waɗanda Babban Bankin Najeriya ke gwanjonsu, ba sa karanta takardar shaidar da banki ya turo musu.

A ɗauki misalin wata malamar makaranta da ta sayi takardar naira 1,000,000 ta kwana 364, da ragin kashi 18 cikin ɗari. Miliyan ɗayan nan kuɗin da za a biya ta ne ranar cikar wa'adi, ba abin da ta biya ba. Ragin kuwa ana lissafa shi haka:

```
1,000,000 × 0.18 × 364/365 = 179,507
```

Ke nan abin da ya kamata ya fita daga aljihunta naira 820,493 ne, ban da ladan banki. In an cire miliyan cur, sai ta duba ko an maido mata ragin a asusunta.

Ainihin ribarta ta fi kashi 18, domin a kan 820,493 ta samu 179,507, wato kusan kashi 22 a shekara. In ta ga alkaluman ragi da na riba sun zo daidai, akwai kuskure.

Sai ranar cikar wa'adi. Ana ƙirga ta daga ranar da aka fitar da takardar, kuma kwana 364 mako 52 ne cif, don haka takardar da ta fita Alhamis, Alhamis za ta cika.

Sukuk na Ofishin Kula da Basussuka daban yake. Ba ragi a sayen farko, sai kuɗin haya duk wata shida, don haka a takardarsa kason hayar da ranakun biya ake dubawa.