Takardar Da Mai Rufi Ke Haɗawa Da Lissafi

Lissafin kuɗi kaɗai ba ya hana rigima tsakanin mai rufi da mai gida, shi ya sa ɗan kwangila nagari ke haɗawa da 'yar wasiƙa. A ciki zai faɗi kaurin kwanon, domin alminiyam mai milimita 0.45 da mai 0.55 kamanninsu ɗaya daga ƙasa, amma mai ƙarancin kauri ya fi saurin lotsewa. Garanti kuwa biyu ne: tsatsa da koɗewar fenti na masana'anta ne, yoyo daga bakin ƙusa na mai aiki ne, kuma ya kamata alkawarinsa ya ƙetare damina guda. Kwanakin aiki su fara ƙirguwa daga ranar biyan kafin alƙalami.