Ruwan Damina da Gero: Sifilin da Kan Yaudari Mai Karanta Jadawali

Gero ba ya son fari, kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Da wannan za mu ga inda ma'auni ɗaya na masu ƙididdiga yake gazawa.

A ce X shi ne ruwan damina: 0 idan ya yi ƙaranci, 1 idan ya zo daidai, 2 idan ya yi yawa. Y kuwa amfanin gona ne: 1 idan gero ya yi kyau, 0 idan bai yi ba. Ga jadawalin yiwuwar haɗuwarsu, da alƙaluman da muka ƙaddara don misali:

| | X = 0 | X = 1 | X = 2 | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| Y = 0 | 0.20 | 0.10 | 0.20 | 0.50 |
| Y = 1 | 0.05 | 0.40 | 0.05 | 0.50 |
| Jimla | 0.25 | 0.50 | 0.25 | 1.00 |

Ma'aunin da ake kira kobariyans yana duba ko abu biyu suna hawa tare, ko kuwa ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ƙa'idarsa ita ce Cov(X, Y) = E[XY] − E[X]E[Y], inda E ke nufin matsakaici. Daga jimlolin gefe, matsakaicin X shi ne 1, na Y kuma 0.5. Don samun E[XY], sai a bi gidajen jadawalin ɗaya bayan ɗaya, a ninka X da Y da yiwuwar da ke cikin gidan. Gida biyu ne kawai ba su ba da sifili ba: 1 × 1 × 0.40 da 2 × 1 × 0.05, jimla 0.5. A cire 1 × 0.5, sai a tashi da sifili.

Nan ne mutane da yawa ke cewa, ai ke nan babu ruwan gero da damina. Wannan kuskure ne babba.

Abu biyu ba sa zama masu cin gashin kansu sai kowane gida ya yi daidai da jimlar layinsa sau jimlar ginshiƙinsa. Ko gida ɗaya ya saɓa, magana ta ƙare. Dubi gidan X = 1, Y = 1: da babu alaƙa, 0.50 × 0.50 za mu gani, wato 0.25, amma 0.40 ke ciki. Idan ruwa ya zo daidai, yiwuwar gero ya yi kyau 0.40 ce cikin 0.50, kashi 80 cikin ɗari. Idan ya yi ƙaranci ko ya yi yawa, kashi 20 kacal.

To me ya jawo sifilin? Kobariyans alaƙar miƙaƙƙen layi kawai yake gani. A nan amfanin gona ya hau daga 0 zuwa 1, ya sauko daga 1 zuwa 2, sai hawan da saukar suka kashe juna.

Saboda haka, idan abu biyu masu cin gashin kansu ne, dole kobariyans ya zama sifili, amma sifilin shi kaɗai ba hujja ba ne. Inda ya isa hujja shi ne idan X da Y kowanne ƙima biyu kawai yake da ita. Jadawalin da ya wuce haka, sai an gwada gidajensa.